Hotunan da za su rufe muryar bayani a fim ɗin maƙeri

Tambaya: "Ina haɗa fim na minti biyar a kan wani maƙeri. Na naɗi muryar bayani, amma da na zauna editin sai hotuna suka ƙare, guda uku nake ta maimaitawa. Me zan ɗauko in na koma?"

Kafin ka koma, saurari muryar da agogo a hannu, ka rubuta tsawon kowane sashe. A ce inda ake bayanin yadda ake fitar da bakin wuƙa sakan 40 ne. Hoto ɗaya yakan zauna kamar sakan 4 kafin ido ya gaji da shi, ka ga guda 10 kake buƙata. Ɗauko 30, domin wani zai yi rawa, wani dishi-dishi, wani kuma a gitta maka.

Kowane ɗauka ka riƙe shi sakan 10 cur, kana ƙirgawa a zuci, ba zum, ba waiwaye da kyamara. Farkonsa da ƙarshensa yawanci asara ne, saboda girgizar taɓa maɓalli.

Kada ka bi wurin kana tsintar abin da ya yi maka kyau. Aiki ɗaya za ka kama ka yayyanka shi: daga nesa a ga mutumin da wutarsa, sai hannu riƙe da awartaki, sai masaba tana sauka a kan uwar maƙera kurkusa har a ga ɓawon ƙarfe yana zuba, sai fuskarsa, sai ta bayan kafaɗarsa. Ka tsaya ɓangare guda. In ka zagaya ɗaya gefen, masabar da ke dama a allo za ta koma hagu, mai kallo ya rikice.

Inda aka fi faɗuwa shi ne launin ƙarfen. Yana fitowa daga wuta jawur, yana dushewa tun ana cikin duka. In ka jera ja, baƙi, sannan ja, kowa zai gane an yi ɗinki. Maganinsa hotunan da ba a ganin ƙarfen a cikinsu: zugazugi yana hurawa, gawayi yana ci, gumi a goshi, kayan aiki a jere. Su za ka cusa tsakani, su haɗiye lokacin da ka tsallake. Waɗannan ba sa yin yawa, kuma su ake mantawa.

Wutar ma tana yaudarar kyamara: da ta tashi sai hoton ya yi duhu, fuskar ta ɓace. Kulle hasken a kan fuska. A aifon, danna ka riƙe har AE/AF LOCK ya bayyana.

Kuma kada ka yi magana kana ɗauka. Ƙarar masaba da hucin zugazugi za su zauna ƙasa-ƙasa a bayan muryar, in babu su hoton sai ya zama kamar bebe. Naɗi minti guda na sautin wurin zalla kafin ka tattara kaya, da shi za ka cike giɓin da yanka ya bari.