Sauya harshen koyarwa a hankali, ba dare ɗaya ba

"Yaran ajina sun yi shekara uku ana koyar da su da harshen uwa. Bana aka koma harshe na biyu, sai suka daina magana a aji. Yaya zan yi?"

Malama, shirun nan ba dakushewar kai ba ne. Jim Cummins, masanin ilimin harsuna biyu, ya nuna cewa yaro kan iya hirar yau da kullum da sabon harshe cikin kamar shekara 2, amma harshen da ake fahimtar darasi da shi yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7. Saboda haka kada ki yanke harshen uwa lokaci guda.

Ɗauki darasin raba lamba. Ki fara da harshen uwa, yara su raba duwatsu 12 ga mutum 3 har su gane abin da ake nufi. Sannan ki maimaita aikin da harshe na biyu, da duwatsun dai, kina rubuta sababbin kalmomi huɗu ko biyar a allo kusa da takwarorinsu. Daga ƙarshe su bayyana miki da harshensu abin da suka yi. Nan ne za ki gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace kawai.

Abin da na fi jiye miki shi ne fassara kowace jimla nan take. Da zarar yara sun lura fassara na tafe, sai su toshe kunne su jira ta. Haka kuma amsar baki ɗaya, "kun gane?" "eh!", tana ɓoye waɗanda aka bari a baya. Ki sa su tattauna biyu-biyu da harshensu tukuna, sannan ki kira ɗaya ya amsa da sabon harshen, ko da jimlar ta karye.