Me ake rubutawa a bayanin tantance muhalli na karamar mafasar dutse?

Tambaya: "Zan bude wurin fasa dutse a gefen garinmu. An ce sai na kawo takaitaccen bayani kan kura, kara, ruwa da gyaran wuri. Ta ina zan fara?"

Malam, fara da taswira. Nuna iyakar filin, da tazararsa da gida, makaranta da rijiya mafi kusa, a mita. Da wannan hukuma za ta duba ko takaitaccen bayani ya isa, ko kuwa sai cikakken binciken da dokar Najeriya ta 1992 ta tanada.

Kurar dutsen kwalta tana dauke da silika, mai sa ciwon huhun da ba ya warkewa. Kada ka tsaya a "za mu yayyafa ruwa". Fadi lita nawa a rana, daga ina, da dabararka lokacin hunturu, sa'ad da iska ke busowa daga arewa maso gabas. In gidaje suna kudu maso yamma da injin, kurar kansu za ta sauka.

Ana auna karfin sauti da desibel. Karar inji tana raguwa da kusan desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka. Injin da ke ba da 90 a mita 10 zai ba da kusan 70 a mita 100, kuma wannan ma ya yi wa gida yawa. Saka ganuwar kasa da sa'o'in aiki.

Auna zurfin ruwan rijiyoyi a karshen damina, ka tsayar da hakar ramin sama da inda ruwan ya kai.

Gyaran wuri ne ya fi damuna, domin ramin da aka bari yakan zama kududdufi mai cin yara. Ware kasar sama daban, ka kwantar da gangaren ramin, ka rubuta kudin aikin da wanda zai biya.