Na sauya wa hoto baya, amma mutumin ya ƙi zama a wurin

Tambaya: Malam, na ɗauki ango cikin farar shadda a ƙarƙashin rumfa, na yanko shi a Photoshop na ɗora shi kan hoton fili da la'asar sakaliya. Yankan ya fita tsaf, amma kowa ya gani sai ya ce liƙi ne. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, dubi shaddar nan da kyau, za ka ga farinta ya ja shuɗi. Hasken inuwa daga shuɗin sama yake saukowa, yakan kai 7000K ko fiye, shi kuwa hasken rana dab da faɗuwa bai wuce 3000K zuwa 3500K ba, ruwan goro ne. Haske biyu ka haɗa a hoto ɗaya, ido kuwa ba ya yarda.

Kada ka dogara da idonka, saurin sabo gare shi. Buɗe `Info`, ka auna. A ce shaddar ta ba ka R 215, G 222, B 235, farin bangon da rana ta buga a hoton baya kuma ya ba ka R 240, G 220, B 190. Ka ga a jikin ango B ne a sama, a fili kuma R.

Sai ka ɗora `Curves` a kan ango, ka danna `Ctrl+Alt+G` don gyaran ya tsaya a kansa kaɗai. Shiga `Blue` ka sauko da ƙarshen layin na sama, wato ɓangaren haske, sannan a `Red` ka ɗan ja shi zuwa hagu, har tazarar R da B a shaddar ta kusanci ta bangon. `Green` kuwa taɓa shi kaɗan-kaɗan, shi ne mai ɓata fata.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne inuwa. Mutane sukan shafa `Photo Filter` su rine mutum gaba ɗaya, ya fito kamar an tsoma shi a manja. Alhali ko da la'asar, inuwa sanyinta na nan, don sama ce ke haska ta. Auna inuwar bangon, ka kwatanta da lungunan rigar da ƙasan haɓa, ka daidaita ƙasan layukan daban. Sau da yawa ma ba sa son gyara sosai.

Don gwaji, ka cika sabuwar leya da `50% Gray` a can sama, ka mayar da ita `Luminosity`. Haske da duhu za su kau, launi tsagwaronsa ya rage. Idan ango ya fito shuɗi-shuɗi a tsakiyar ruwan goro, da sauran aiki. Idan fuskarsa ta fi bangon ja, ka zarce, rage `Opacity` na `Curves` ɗin.

Sai dai `Curves` ba ya juya rana. In ranar hoton baya daga dama take, hasken fuskar ango kuma daga hagu, juya hoton bayan da `Flip Horizontal`, muddin babu rubutu a cikinsa.