Na gyara gidan gado da kuɗina: ko zan iya cirewa kafin a raba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya bar mahaifiyarmu, mu maza biyu da mata uku, da gida ɗaya. Da damina ta yaye rufin, na sa naira miliyan 1.6 na sake shi. Daga baya na gina ɗakuna biyu a tsakar gida da miliyan 3. Yanzu za a raba, ƙanena ya ce babu wanda ya aike ni. Ina da haƙƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Kana da haƙƙi, amma kuɗin rufi da kuɗin ɗakuna ba hukuncinsu ɗaya ba.

Tun ranar da mahaifinku ya cika, gidan ya zama naku ku shida, kowa gwargwadon rabonsa, ko da ba a zauna an raba ba. Saboda haka abin da ka kashe ba bashin mamaci ba ne, lissafi ne tsakaninka da abokan tarayyarka.

Rufi gyaran dole ne, domin da an bar shi gini zai jiƙe ya zube, kowa ya yi asara. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na ƙasar nan ke aiki da ita, idan abin tarayya da ba ya rabuwa ya lalace, ana tilasta wa wanda ya ƙi gyara ya gyara ko ya sayar da kasonsa. Wanda kuwa ya sauke wa wani nauyin da ya wajaba a kansa yana iya neman a biya shi, muddin bai yi da niyyar kyauta ba. Nan ne mutane ke kayar da kansu. Idan a lokacin ka ce "ku bar shi, na ɗauke muku", to ka yi kyauta, ba kuma ta dawowa don yau an ɓata. Idan ba ka faɗi komai ba, alƙali zai iya sa ka rantse cewa ka kashe ne da niyyar a mayar maka.

Ga yadda lissafin yake. Gadonku daga takwas ake fitar da shi: mahaifiyarku tana da tumuni, wato kaso ɗaya, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Miliyan 1.6 a raba takwas, kowane kaso ya ɗauki naira 200,000. Kai ma mai gida ne, don haka 400,000 a kanka take, abin da za ka bi sauran shi ne miliyan 1.2. Hanya mafi sauƙi, in sayarwa za a yi, ita ce a cire tun daga sama. A ce an sayar a miliyan 24 ban da darajar ɗakunan: a ba ka miliyan 1.6, a raba miliyan 22.4, kowane kaso ya tashi miliyan 2.8. Kuma adadin da ka kashe za a ba ka. Na san kwano ya yi tsada tun daga lokacin, amma mafi yawan malamai suna ganin bashi da adadinsa ake biya.

Ɗakunan su ne inda maganar ƙanenka take da nauyi, domin gidan ba zai rushe ba don babu su. Idan duk magada sun yarda kafin ka fara, ana yi wa ginin ƙima yana tsaye a biya ka. Idan ba ka nemi izini ba, ana dubawa ko gidan zai rabu. Wurin ya faɗo a rabonka, shi ke nan, ɗakunanka ne. Ya faɗa a rabon wani, yana da zaɓi: ko ya ce ka kwashe kayanka, ko ya biya ka ƙimarsu a rushe, wato kuɗin bulo, katako, kwano da ƙofofin da za a iya cirewa, ban da ladan magini da simintin da ya riga ya bushe. Wannan yakan yi ƙasa da miliyan 3 sosai. Idan kuwa suna gani kana gini ba su hana ba, malamai sun yi saɓani ko shirun ya zama izini, sai abin da alƙali ya gani. Yardar mahaifiyarku ita kaɗai ba ta ɗaure sauran, kuma in akwai ƙaramin yaro a cikinku, shirunsa ba yarda ba ne, sai waliyyinsa ko alƙali.

Kai ne mai da'awa, hujja a kanka take: rasit, shaidar tura kuɗi ta banki, kafinta da maginin da suka yi aikin. Sannan ka shirya, za a tambaye ka kai ma. Idan ka sa 'yan haya a wani sashe na gidan kana karɓa a waɗannan shekaru, wannan kuɗin na magada ne duka, za a fara zaftare shi daga abin da kake bi. Ka rubuta shiga da fita a takarda ɗaya kafin ranar zama, ka kuma nemi a kira mai ƙima wanda kowa ya amince da shi ya yi wa gidan kuɗi sau biyu, da ɗakunan da kuma ba tare da su ba. Allah ne mafi sani.