Delta, gama da bega a kwangilar opshan

Tambaya: "Na sayi opshan na sayen hannun jari 100, na ga delta 0.5, da gama da bega. Mene ne su, kuma yaya ake kariyar delta?"

Opshan na saye kwangila ce da ke ba ka damar sayen hannun jari a kan farashin da aka tsayar cikin wani wa'adi, ba tare da tilas ba. Delta 0.5 na nufin in hannun jarin ya hau da dala 1, opshan ɗinka zai hau da kusan santi 50 a kan kowane hannun jari ɗaya cikin 100 ɗin, kamar kana riƙe da hannun jari 50 ke nan. Kariyar ita ce ka sayar da 50 na aro, sai ribar nan ta rufe asarar can.

Matsalar, delta ba ta zama wuri ɗaya, gama ce ke auna saurin canjinta. In gama 0.05 ce, farashi ya hau dala 2, delta ta koma kusan 0.6, dole ka ƙara sayar da 10. Kowane gyara kuwa da kuɗin dillali.

Bega kuma tana auna tasirin hasashen girman hawa da saukar farashi a kan darajar opshan. In hasashen ya ragu, opshan ɗinka zai faɗi ko farashi bai motsa ba, kuma kariyar delta ba ruwanta da wannan.