Yaya zan gai da wanda ban san ko namiji ne ko mace ba?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar manoman rani a ƙauyenmu, ƙasar Ringim. An sa ni rubuta takardar neman injin ban ruwa zuwa sashen aikin gona na ƙaramar hukuma. An ce an kawo sabon shugaba, amma ban san sunansa ba, ban ma san ko namiji ne ko mace ba. Da wace gaisuwa zan fara?

Amsa: Malam Sakatare, ka rubuta wa kujerar, ka bar mai zama a kanta. A saman takarda, bayan adireshinku da kwanan wata, ka sa "Zuwa ga Ofishin Shugaban Sashen Aikin Gona", sannan sunan ƙaramar hukumar. Da ka sa "ofishin" a gaba, ko mace ce a wurin ba za ta ga an yi mata kuskure ba, domin sunan muƙamin ke nan. Ga wata riba: ma'aikatan ƙananan hukumomi ana yawan yi musu canjin wurin aiki, kuma takardar da ke ɗauke da sunan mutum tana iya kwana a aljihun tebur in ya tashi. Ta ofis kuwa, duk wanda ya gaje shi zai buɗe ta.

Gaisuwar kanta ba wuya. Ka yi sallama, ka bi ta da jam'i:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, da fatan kuna lafiya. Barkanku da aiki. Muna rubuto muku ne a madadin ƙungiyar manoman rani ta ƙauyenmu."

"Ku" ta ɗauki namiji, ta ɗauki mace, ta ɗauki ofishin baki ɗaya, kuma girmamawa ce. In kana zaton mai karɓar ba Musulmi ba ne, kamar ɗan hidimar ƙasa da aka turo daga kudu, "Barkanku da aiki" kaɗai ta wadatar. "Ina kwana" da "ina wuni" ka bar su, tunda ba ka san lokacin da za a buɗe takardar ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tsakiyar takarda. Mutum ya fara da "ku" lafiya lau, ya zo layi na biyar sai hannu ya zame, ya rubuta "muna roƙonka ka taimaka mana", ko "in shugaba ya amince". To, ya riga ya yanke hukunci cewa namiji ne. Ka mai da su "muna roƙonku ku taimaka mana" da "in an amince". In ka gama, ka karanta da ƙarfi, kana farautar "ka", "ki", "maka", "miki", da duk wani "ya" ko "ta" da ke nufin shugaban. Rufewa ma haka: "Naku" za ka sa kafin sa hannu, ba "Naka" ba.

Kada ka yi cankar laƙabi. Yallaɓai na maza ne. Alhaji ko Hajiya, in ka laƙaba wa wanda bai sauke farali ba, wani zai yi dariya, wani ya ga daɗin baki kake yi saboda injin. Ko an samo maka suna, ka bincika: Gambo namiji yana amsa shi, mace ma tana amsawa, kuma in ka ga harafi ɗaya sai "Ibrahim", mai yiwuwa mace ce da sunan mahaifinta. "Zuwa ga wanda abin ya shafa" kuwa ni ban so ta a takardar roƙo. Wurinta takardar shaida, irin wadda dagaci ke ba mutum ya nuna duk inda ya je. A roƙo tana nuna ba ka ma san ƙofar da kake ƙwanƙwasawa ba.

Da a ce hakimi za ka rubuta wa, lissafin ya sauya. Nan ka san namiji ne, don haka "Mai Girma Hakimi, ranka ya daɗe" daidai ne. "Mai Martaba" ta sarki ce, kada ka ba hakimi. In ba ka tabbatar da sarautar da yake riƙe da ita ba, Ciroma ne ko Ɗan'iya, ka tsaya a kan "Hakimin" da sunan ƙasarsa, ko ka tambayi dagacinku, shi ba zai rasa sani ba.

Ranar da za ka kai takardar sakatariya, ka tafi da kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya. Kafin ka fito ka tambayi masinja ko akawu sunan shugaban da yadda ake kiransa. Takardar tuni da za ku aika bayan mako biyu ko uku, sai ka sa sunan a ƙarƙashin na ofishin, ka gai da Malam ko Hajiya yadda aka faɗa maka.