An zage ku a Fesbuk kan buhun shinkafa: abin da za ka rubuta

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna da ɗan injin casa a wajen Kura, muna zuba shinkafa a buhu mai sunanmu. Jiya wata mata ta sa hoton buhunmu mai kilo 25 a Fesbuk, ta ce a wani shago a Wudil ta saya, tana warin ruma, ga tsakuwa, da ta ɗora a sikeli kuma kilo 23 da rabi ne. Har cewa ta yi mu macuta ne. Sama da mutum ɗari uku sun yaɗa. Yarana sun ce mu kai ta wurin 'yan sanda. Don Allah me zan rubuta?"

Wa alaikumus salam Alhaji, sannu, Allah ya huci zuciyarka. Duk wanda ya taɓa buga sunansa a jikin buhu ya san zafin nan. Ka sha rana a wurin shanya, ka sha tsadar dizal, sannan wanda ko shanshera bai taɓa riƙewa a hannu ba ya kira ka macuci a gaban duniya. Amma don girman Allah ka tsawata wa yaran nan. Maganar 'yan sanda a binne ta. A 2023 wani kamfanin tumatirin gwangwani ya sa aka kama wata mata 'yar Legas saboda ta rubuta a Fesbuk cewa tumatirinsu ya cika sukari. Kafin kamun, rubutu ne guda cikin dubbai. Bayan kamun, ƙasa gaba ɗaya ta ɗauka, ana ta kiran a ƙaurace wa kayansu. Su da kuɗinsu da lauyoyinsu ke nan, balle mu da jarinmu bai wuce tirela ɗaya ko biyu ta shanshera ba.

Ka kuma hana yaran naka da 'yan uwa shiga ƙarƙashin rubutun matar suna kare ka. Ƙaninka ya zo ya ce "ƙarya take, turo ta aka yi", mai ɗinkin buhunka ya zo ya ce "mu dai mun ci ba mu ga komai ba", to jama'a ba wawaye ba ne, dannawa ɗaya za a yi a ga hotonsa tsaye a gaban injinka. Baki ɗaya ne zai yi magana, daga shafin da ke ɗauke da sunan shinkafar. In ta rubuta a shafinku ma, kar a goge, kar a toshe ta. Tuni wani ya ɗauki sikirinshot, kuma gogewar ita za ta zama sabon labari.

Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka sa amsa ta farko a ƙarƙashin rubutunta, inda masu zagin suke. Gajera, kamar haka:

"Hajiya, sannu, mun ga ƙorafinki, kuma ba mu ji daɗin abin da kika tarar ba. Ni ne mai wannan inji da kaina nake rubutu. Don Allah ki ajiye buhun da sauran shinkafar kamar yadda suke, ki turo mana hoton bakin ɗinkin da na ƙasan buhun ta lambar da ke jikinsa. Gobe za mu aiko a kawo miki wani buhun ko kuɗinki, wanda kika zaɓa. Za mu bincika, kuma ranar Alhamis za mu dawo nan mu faɗi abin da muka gano."

Duba abin da babu a ciki. Babu "idan har gaskiya ne", domin wannan ƙaryata ta ne a fakaice. Babu "shekara goma muna sana'a ba a taɓa kuka da mu ba", wannan ba ya cire tsakuwa daga tukunyarta. Ba ka kuma ce laifinku ne ba, tunda ba ka sani ba tukuna. Ranar da ka ambata ita ce ƙashin bayan amsar, saboda haka ka sa ranar da ka tabbata za ka iya cikawa, kwana biyu ko uku. Mayar da kuɗin kuma kar ka ɗaura masa sharaɗin sai ta goge rubutunta. In ka faɗi haka a Watsaf, gobe za ka gan shi a Fesbuk da taken "sun ba ni cin hanci in yi shiru".

Abin da ya tsaya mini a rai a bayaninka shi ne wari da rashin cika da suka zo tare. Sau da yawa uwarsu ɗaya: danshi. Shinkafar da za ta zauna a buhu ana so ruwan jikinta ya sauko zuwa kashi 13 ko 14 cikin ɗari. Ɗauka cewa hadari ya taso, masu gumi suka kwashe shanya a gurguje, aka casa, aka zuba tana kashi 18. Sikelinka ya nuna kilo 25 cif, ba ka cuci kowa ba a ranar. Amma a cikin kilo 25 ɗin nan, tsabar shinkafa ban da ruwa kilo 20 da rabi ce, saura ruwa. In ta zauna a shago ta bushe ta koma kashi 13, sai ka raba 20.5 da 0.87, ka sami kilo 23 da rabi da 'yan kai. Ka ga lissafin ya faɗo daidai kan abin da matar nan ta gani. Kafin ta bushe ɗin kuwa ta yi gumi a cikin buhu, musamman in mai leda ne a ciki ko an jibge shi a kan siminti ba katako, warin ruma ya kama ta. Ba na cewa haka aka yi a wurinka, amma ka fara dubawa ta nan kafin ka rantse. In kana da mitar danshi, ka soka a buhu biyar na wannan casar da suka rage a sito, ka kuma sake ɗora su a sikeli. In babu, ka ciji ƙwaya: busasshiya tana karyewa ƙas, mai danshi tana lotsewa a haƙori. Ka cusa hannu tsakiyar buhu, in ka ji ɗumi ko ta dunƙule, magana ta ƙare. Sikelin ma ka gwada shi da abin da ka tabbatar da nauyinsa.

Tsakuwa kuwa ka duba injin cire ta. Rariyarsa in dusa ta toshe ramukan, iska ba ta ratsawa daidai, dutse sai ya bi shinkafa. Haka in yara suna antaya masa fiye da ƙarfinsa don a gama da wuri kafin a ɗauke wuta.

To amma akwai ɗaya fuskar, wadda ita ce ke ƙona mini rai, kuma mu ma ta ci mu. Masu sauya buhu. Mutum ya bi gida-gida da wurin masu abinci yana sayen buhunanka da aka juye, ya wanke, ya zuba shinkafar da ko kyauta ba za ka karɓa ba, 'yar shanyar bakin titi mai yashi da gutsattsari, ya ɗinke da ɗan injin hannu, ya kai kasuwa da sunanka. Wani ma ba ya wahalar da kansa, sai ya farke naka ya kwashi rabin kwano a kowane buhu ya mayar da ɗinki. Shi ya ci riba ya kwana lafiya, kai ka kwana ana tsine maka. Kuma ka gan shi a sahun gaba ranar Juma'a, har ya miƙo maka hannu yana tambayar ya kasuwa! Allah ya isa kawai. Shi ya sa na ce a turo hoton bakin ɗinkin. Buhun da aka sake ɗinkewa yana nuna layin ramukan allura biyu, tsoho da sabo, zaren kuma sau da yawa ba kalar naka ba ne. Ka zuba shinkafar buhun matar a faranti, ka zuba taka a gefe, ka dubi tsawon ƙwaya da launin gumi da yawan gutsattsari. Ka aika yaro mai hankali shagon nan na Wudil ya sayi buhu ɗaya kamar kowane mai saye, kar ya ce daga ina yake. Kai, tun yanzu ma ka sa a yanka maka hatimi, kowace casa a buga mata lamba da kwanan wata a ƙasan buhu, a rubuta a littafi wane dila ya ɗauki wace lamba. Mai buga maka buhu shi ma ka riƙa ƙirga abin da ya kawo ka tambayi rarar, don ta nan ma buhu yana fita.

Ranar da ka yi alkawari, ka rubuta bayani a shafinku, ka maƙala shi a sama, sannan ka je ƙarƙashin rubutunta ka sa shi. In danshin ne, ka faɗa da bakinka, da lambobi:

"Mun karɓo buhun Hajiya mun auna, kilo 23 da rabi ne kamar yadda ta faɗa. Yana cikin buhu 80 da muka casa a makon farko na Agusta, waɗanda aka zuba ba su gama bushewa ba. Wannan daga wurinmu ne, muna ba ta haƙuri, da duk wanda ya saya. Mun mayar mata da kuɗinta. Mun karɓo buhu 52 daga shaguna. Duk wanda ya sayi namu a wannan tsakanin ya ji wari, ya mayar inda ya saya a canza masa, ko da ya buɗe. Daga yau ba a ɗinke buhu sai an auna danshi."

Lambobin misali ne, ka sa naka na gaskiya, kar ka ƙara ko ɗaya, don diloli suna karantawa kuma sun san nawa aka karɓa a hannunsu. Ka haɗa da ɗan bidiyo na minti ɗaya, buhu a kan sikeli, mita a cikin shinkafa, fuskarka a fili. Ka tura wa dilolinka saƙon murya tun kafin ka wallafa, kar su ji a bakin masu saye, su ne za su sha tambaya a bakin shago.

In kuma ya tabbata sauya buhu aka yi, ka nuna hoton ɗinki biyun gefe da gefe, ka koya wa mutane yadda za su gane naka, ka ce Hajiya ma cutarta aka yi. Kar ka kama sunan mai shagon a fili. Mai yiwuwa shi ma sayar masa aka yi, kuma in ba ka da hujja kai za a ja kotu kan ɓata suna. Wannan ka kai shi gaban shugabannin kasuwa, in ya ƙi ci a je hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano da buhun a hannu. Ko a wannan halin ni dai ina ganin ka ba ta buhun, kuɗinsa bai kai abin da mako ɗaya na zagi zai ci maka ba.

Masu tambaya ta gaskiya a ƙarƙashin bayanin ka amsa musu sau ɗaya, a taƙaice. Masu zagin iyaye ka bar su, kar ka tanka ko da "Allah ya shirye ka" ne. Kalmar macuta ma ka haɗiye ta, kar ka nemi ta janye. Bayan ta dafa sabon buhun da kwana biyu, ka sa uwargida ko wata babbar mace ta kira ta ta ji ya ta same shi. In ta yaba, a tambaye ta ko za ta yarda ta faɗa a ƙarƙashin rubutunta na farko. In ta ƙi, a yi mata godiya a ajiye waya.